Na shirya wa jariri kaya, ban shirya wa haihuwa kuɗi ba

Na taso a gidan da haihuwa ba ta taɓa zama abin fargaba ba. Mahaifiyata ta haife mu mu shida, kuma a iya sanina babu wanda ya ba ta wahalar da ta wuce ta kwana ɗaya. Abin da idona ya riƙa gani a duk lokacin da take da juna biyu shi ne tanadin kaya: ana ɗinka ƙananan riguna, ana wanke zannuwa a ninke su a akwati, ana sayen baho da sabulu. Da wannan tunanin na girma, cewa shirin haihuwa shi ne shirin kayan jariri, sauran kuwa abu ne da yake zuwa da kansa ya wuce da kansa. Wannan tunanin ne ya jefa ni da maigidana cikin bashin da muka shafe wata 18 muna biya, shi ya sa nake son in ba da labarin dalla-dalla, ko wata za ta tsira daga abin da ya same mu.

Domin kowa ya iya auna labarin da nasa aljihun, ba zan ambaci adadin kuɗi ba. Zan ɗauki duk abin da yake shigo mana a wata guda a matsayin kashi 100, in auna komai da shi. A lokacin maigidana yana aikin albashi, yana kawo kashi 60, ni kuma ina ɗinki a gida da kekuna biyu, ina kawo kashi 40. Ci da sha da sufuri da wuta da abin da muke warewa na haya suna cinye kashi 85, saura 15 su ne rararmu. Ba mu da wadata, amma ba ma bin kowa, kowa kuma ba ya bin mu.

Da na tabbatar ina da ciki a ƙarshen wata na biyu, sai muka zauna da maigida muka yi abin da muke ganin shi ne kasafi. Na je asibitin da ke kusa da mu na tambayi kuɗin haihuwa, aka ce mini kashi 40. Tambaya ɗaya na yi, amsa ɗaya aka ba ni, na juyo gida da farin ciki. Ban tambayi ko wace irin haihuwa ake nufi ba, ban tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa ba, ban kuma san cewa jariri yana iya samun tasa takardar biyan kuɗi daban da ta uwarsa ba. Muka yi lissafin cewa idan muka ajiye kashi 15 duk wata har zuwa haihuwa, za mu biya asibiti, mu sayi kaya, har a samu ɗan saura.

Cikin wata shida muka tara kashi 90. Daga ciki na kashe 45 a kan kayan jariri. Har yanzu ina iya ganin ɗakin a idona: gadon katako mai labule, keken tura jariri, riguna na sabon haihuwa sun fi 30, takalman da ba su kai tsawon ɗan yatsana ba. Kowane dare sai na buɗe akwatin na shinshina kayan na mayar. Ba na ganin laifin wannan son, domin ɗa na fari ne, kuma zuciyata ta cika da ɗokinsa. Laifina shi ne wurin da na tsuke hannu domin in samu kuɗin kayan, wato awon ciki.

A kan awo kashi 10 kawai na kashe a duk tsawon lokacin. Na fara zuwa a wata na huɗu, aka yi mini gwajin jini da na fitsari, aka ɗauki hoton ciki sau ɗaya, aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini. Daga nan na koma sau biyu, sai na daina. Dalilina a lokacin shi ne, duk ranar awo ina asarar yinin ɗinki guda, ga kuɗin mota, ga kuɗin gwaji, kuma kullum abu ɗaya ake gaya mini, cewa lafiya lau. Sai daga baya na san cewa tun a shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin mako na 12 ya wuce, kuma mafi yawan zuwan yana taruwa ne a watanni uku na ƙarshe, domin a nan ne matsaloli suka fi ɓullowa. Ni kuwa a daidai wannan lokacin na janye ƙafata. Awon jini na ƙarshe da aka yi mini ina mako na 26 ne.

A mako na 33 ƙafafuna suka kumbura, zobena ya ƙi fita daga yatsa, da safe kuma fuskata takan yi suntum. Mata da yawa suka ce mini ai haka ciki yake. Da ciwon kai ya fara, na ɗora laifin a kan zaman keke. Ranar da abin ya kai maƙura ina mako na 35, ina cikin saka zare a allura sai na ga wasu ƙyalƙyali suna yawo a gabana kamar ƙananan taurari, ramin allurar ya ɓace mini, ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. Yayata ce ta shigo ta same ni na dafe kai. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Tashi mu tafi asibiti yanzu, wannan kumburin ba na lafiya ba ne." Na ce mata, "Yaya, ki bari in ƙarasa wannan rigar, gobe za a zo karɓa." Ba ta amsa mini ba, mayafina kawai ta miƙo mini.

A asibiti ungozoma ta auna jinina ya kai 170 bisa 110. Ta sa aka gwada fitsarina aka ga furotin a ciki. Likita ya yi mana bayani cewa wannan shi ne hawan jinin masu ciki mai tsanani, wanda yake bayyana bayan mako na 20, ana fara zarginsa da zarar awo ya kai 140 bisa 90, kuma idan aka bar shi yana kai mace ga jijjiga, yana iya taɓa ƙoda da hanta, yana iya hallaka uwa da ɗa. Ya ce da an ci gaba da auna ni duk mako biyu, da wataƙila an gano shi tun yana ƙasa, a riƙa lura da shi da magani, a ja cikin ya ƙara ƙwari. Yanzu kuwa babu sauran jira. Aka yi mini allurar hana jijjiga, aka ba ni maganin saukar da jini, da aka ga bugun zuciyar jaririn ya fara sauka sai aka ce dole a yi aiki a ciro shi a daren.

A nan ne kasafinmu ya watse. Abin da ya rage mana a ajiya kashi 35 ne, muna jiran na watan gaba ya cika mana kuɗin haihuwar da aka faɗa mini. Ina kwance ana ɗaura mini ruwa na hango maigidana a bakin ƙofa da wata takarda a hannu, yana karantawa yana sake karantawa. Bai gaya mini abin da ke ciki ba sai bayan kwana uku. An nemi a ajiye wani kaso mai yawa kafin a shiga da ni, ga magungunan da za a sayo, ga jini leda ɗaya da aka ce a tanada. A cikin awa biyu ya buga waya ga duk wanda ya sani. Wannan awa biyun ita ce abin da ya fi yi mini ciwo har gobe, domin an shafe ta ana neman kuɗi alhali raina da na ɗana suna rataye.

An ciro ɗana da rai, alhamdu lillahi, amma bakwaini ne, nauyinsa bai kai kilo biyu ba, numfashinsa kuma yana sama-sama. Aka wuce da shi ɗakin jarirai aka sa shi a kwalba. A rana ta uku jikinsa da idanunsa suka yi rawaya, aka ce shawara ce, aka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske da ƙyalle a idonsa. Ni na yi kwana 6 aka sallame ni, shi ya yi kwana 9.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Aikin da aka yi mini, da kuɗin gado, da magunguna, da ƙarin jini, da gwaje-gwaje, sun kama kashi 170. Ɗakin jarirai ya kama kashi 110, domin can kowace rana da kuɗinta, iskar numfashi da kuɗinta, fitila da kuɗinta, kowane gwajin jini da kuɗinsa. Jimla 280, kusan abin da muke samu a wata uku, kuma ninki bakwai na abin da muka yi wa tanadi. Da aka cire 35 ɗin da ke hannunmu, saura 245. 'Yan'uwa suka haɗa mana 55. Na sa aka sayar da babban kekena, wanda na saya a kan 120, aka ba da 70 domin mai saye ya san muna cikin matsi. Ragowar 120 maigida ya ciwo su bashi mai ruwa, da sharaɗin biyan 15 duk wata har wata 10, wato za mu mayar da 150.

Na daɗe ina tambayar kaina ko abin da ya same mu tsautsayi ne da ba a saba gani ba, wanda babu mai hankalin da zai yi masa tanadi. Amsar ita ce a'a. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan haihuwa ɗaya cikin biyar a duniya ta hanyar tiyata ake yin ta, kuma kusan jariri ɗaya cikin goma yana zuwa kafin ciki ya cika mako 37. Abin da yake faruwa da yawa haka ba abin mamaki ba ne, abin lissafi ne. Da za a ce wa mutum gada ɗaya cikin biyar da zai hau tana neman ƙarin kuɗin fito, ba zai fita gida da kuɗin gada mai sauƙi kaɗai ba.

Na ɗauka da mun dawo gida wahala ta ƙare, ashe sabon babi aka buɗe, kuma shi ne wanda ba mu taɓa kawo shi a lissafi ba ko da wasa. Mun yi tunanin abin da zai fita daga aljihunmu, ba mu yi tunanin abin da zai daina shigowa ba. Mai aikin albashi tana iya samun hutun haihuwa da biya, har ma yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta tsayar da aƙalla mako 14, amma mai sana'ar hannu kamar ni ranar da ta ɗaga ƙafa daga keke ranar kuɗinta ya tsaya. An ce mini kada in ɗaga abu mai nauyi ko in matsa wa jikina har sai wajen mako shida, kuma ko ba a faɗa ba, ba zan iya zama a kan keke da ɗinki a marata ba. Kashi 40 ɗina suka ɗauke gaba ɗaya.

A wata na farko abin da ya shigo 60 ne. Abin da ya fita kuwa, hidimar gida 65 bayan mun dakatar da ware kuɗin haya, bashi 15, famfas 8, madarar gwangwani 14, magani da zirga-zirgar komawa asibiti 5. Jimla 107. Giɓin 47 ya fito a wata guda, kuma babu ajiya ko ta kwabo. Na sayar da 'yan kunnena, na sayar da keken tura jariri da ba a taɓa ɗora kowa a kai ba a kan ƙasa da rabin kuɗinsa. Rigunan nan fiye da 30 kuwa, da farko sun yi masa yawa saboda ƙanƙantarsa, da ya fara cika kuma cikin 'yan makonni suka matse shi, domin jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa a wajen wata biyar, ya ninka shi uku a shekara. Wasu har yau da takardar shago a jikinsu na ba da su.

Maganar madara ita ce nake son in tsaya a kanta, domin ita ce ramin da ya fi zurfi a shekarar farko, kuma ita ce mutane ba sa hangowa. Saboda an raba ni da ɗana kwana 9, ga ciwo, ga tashin hankali, ruwan nonona bai kawo sosai ba. Aka fara ba shi madarar gwangwani, ni kuma na ɗauka shi ke nan, ba ni da nono. Abin da ban gane ba shi ne, jiki yana samar da nono gwargwadon yadda ake cire shi, don haka duk kwalbar madarar da na ba shi tana rage abin da jikina zai kawo gobe. Ga shi kuma yawan madarar da jariri ke sha ƙaruwa yake yi yayin da yake girma, gwangwanin da ya yi mana kwana bakwai a farko ya koma kwana huɗu. Wata rana da dare, gwangwani ya kusa ƙarewa kuma albashi saura kwana biyar, na tsinci kaina ina rage cokali ɗaya daga ma'aunin da aka rubuta, ina ƙara ruwa. Na yi haka sau biyu. Ina rubuta wannan hannuna yana rawa, amma dole in faɗa, domin na san ba ni kaɗai talauci ya taɓa kai wa nan ba. Tsarma madara yana hana jariri abincin da yake buƙata, kuma yawan ruwan yana iya yi masa mummunar illa.

Da muka koma awon nauyi, wata nas mai shekaru ta ga nauyinsa bai ƙaru yadda ya kamata ba. Ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, gaya mini gaskiya, yaya kike haɗa masa madarar?" Na fashe da kuka na gaya mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zaunar da ni ta nuna mini yadda zan kama shi ya cafki nono da kyau, bakinsa a buɗe sosai, haɓarsa tana taɓa nonon. Ta ce in riƙa ba shi aƙalla sau 8 a dare da yini, in tatse abin da ya rage bayan ya sha, in riƙa kwantar da shi a ƙirjina fata da fata. Ta ce kada in yanke madarar lokaci guda, in riƙa haɗa ta daidai ma'auni, a rage ta sannu a hankali ana duba nauyinsa duk mako, kuma in riƙa ƙirga jiƙaƙƙen nafkin, idan ya kai shida a yini alama ce yana samun abin da ya ishe shi. A mako na bakwai muka sayi gwangwani na ƙarshe. Wannan zaman na rabin awa ya cire mana kashi 14 daga kuɗin kowane wata, kuma na shayar da shi nono zalla har ya cika wata shida.

Famfas ma muka sake masa lissafi. Sabon jariri yana ɓata takwas zuwa goma ko fiye a yini, wato wajen 300 a wata. Na ɗinka nafkin na wanki guda 24 da ƙaramin kekena, muka bar famfas sai dare da ranar fita. Kashi 8 ya koma 3, duk da cewa sabulu da ruwa da ƙarfin wanki ba kyauta ba ne, kuma yayata ce ta ɗauke mini wankin a makonnin farko.

Rigakafi bai ci mana kuɗi kai tsaye ba, amma kowace ranar allura, a mako na 6 da na 10 da na 14 da kuma ta ƙyanda a wata na 9, tana cin kuɗin mota da yinin aiki. A wannan karon ban tsallake ko ɗaya ba, domin na riga na ga abin da tsallake awo ya jawo mini. Sau biyu ya yi zazzaɓi da tari, sau ɗaya aka kwantar da shi kwana biyu, wannan ma kashi 20 ne da ba mu shirya masa ba. Na koma ɗinki a wata na uku, amma da keke ɗaya da jariri a baya abin da nake samu bai wuce 20 ba, kuma rabin masu kawo mini ɗinki sun riga sun koma wani wuri. Da shekara ta zagayo aka nemi kuɗin haya, babu su, dole muka tashi muka koma gida mai ɗaki ɗaya.

Abin da bashi ya yi wa zamanmu ya fi abin da ya yi wa aljihunmu. Maigidana mutum ne mai fara'a, amma a shekarar nan sai ya koma shiru-shiru, yana dawowa ya ci abinci ya kwanta ya juya wa bango fuska. Ni ina ganin yana zargina da ɓarnar kuɗi a kan kaya, shi kuma ashe yana ganin ina raina shi saboda ya kasa riƙe gida. Wani dare na ce masa, "Maigida, ka yafe mini, ni na jawo mana." Ya ce, "Ba ke ba ce. Ni ma ina nan aka yi lissafin, ban tambayi komai ba." A daren muka ɗauko littafi muka rubuta duk wanda yake bin mu da ranar biyansa. Muka fara da bashi mai ruwa, sannan na 'yan'uwa. Ɗanmu yana da wata 18 muka biya na ƙarshe.

Ciki na biyu kuwa, mun fara yi masa tanadi tun kafin a same shi. Likita ya riga ya gaya mini cewa wadda aka yi wa aiki tana buƙatar tazara domin mahaifa ta warke, kuma wadda ta taɓa yin hawan jinin ciki yana iya dawo mata. Na koma asibiti da littafi da biro, na ce a rubuta mini kuɗin haihuwa ta ƙalau, da na tiyata, da na kwana ɗaya a ɗakin jarirai, da abin da ake nema a ajiye kafin a taɓa mutum, da abin da ba ya cikin waɗannan kuɗaɗen kamar jini da magunguna. Ma'aikaciyar ta yi mamaki, ta ce ba kasafai ake yi mata irin wannan tambayar ba, amma ta rubuta.

Da wannan takardar muka raba tanadin gida huɗu. Na awo da gwaje-gwaje da sufuri, 30. Na haihuwa, kuma a kan farashin tiyata muka tsayar da shi, 170. Na ɗakin jarirai, ko da za a buƙata, 110. Na watanni ukun da ba zan yi aiki ba, 120. Jimla 430. Da na ga adadin sai da gabana ya faɗi, amma da muka raba shi sai ya zama kashi 20 duk wata na tsawon wata 22, kuma mun riga mun saba fitar da 15 na bashi, ga hayarmu ta ragu. Kuɗin muka sa a asusun da ba shi da katin cire kuɗi, domin kada hannu ya riƙa kai wa gare shi, amma muka tabbatar ana iya fitar da shi a rana ɗaya. Tanadin da aka ɗaure a kadara ko a hannun wani ba ya amfani da ƙarfe biyun dare.

A cikin wannan binciken ne muka gano cewa wurin aikin maigida yana da tsarin inshorar lafiya da ya shafi iyali, shi kuwa bai taɓa sa sunana ba. Muka yi rajista, muka karanta takardar layi-layi. A ciki muka ga akwai wa'adin jira kafin ta fara ɗaukar nauyin haihuwa, akwai iyakar abin da take biya a tiyata, akwai asibitocin da ta amince da su kaɗai, kuma dole a shigar da sunan jariri cikin wani ƙayyadadden lokaci bayan haihuwa, in ba haka ba ba za ta biya masa komai ba. Da mun bari sai ciki ya shiga, da wa'adin jiran ya fitar da mu. Duk da inshorar ba mu fasa tanadin ba, sai dai ta rage mana nauyin kaso na biyu.

Na fara awo a mako na 9. Saboda tarihina likita ya ɗora ni a kan ƙaramin asfirin kullum tun daga wajen mako na 12, maganin da kuɗinsa na wata bai kai kashi ɗaya ba, wanda kuma ba a sha sai likita ya rubuta. Muka sayi na'urar awon jini ta gida a kan kashi 6, ina aunawa safe da yamma ina rubutawa. Ƙanen maigida, wanda jininsa ya dace, ya je ya ba da jini tun da sauran lokaci. Kayan jariri kuwa kashi 8 na kashe, domin gadon yana nan, nafkin suna nan, riguna kuma 'yan kaɗan na ɗinka masu girma daban-daban.

Jinin ya ɗan hau a mako na 36, na gani a na'urar kafin in ji komai a jikina, aka ƙara mini magani aka riƙa duba ni sau biyu a mako. A mako na 38 aka yi mini aiki da safe, a ranar da aka tsayar, aka ciro 'yata da nauyin kilo uku. Ba ta shiga ɗakin jarirai ba, kuma cikin awa guda aka ɗora mini ita a ƙirji. Maigida ya je wurin biya ya dawo cikin minti goma da rasit a hannu, ya zauna kusa da gadona. Kashi 110 na ɗakin jarirai muka bar su a asusu har ta cika shekara, muka taɓa 15 daga ciki lokacin da ta yi gudawa aka ƙara mata ruwa. Da abin da ya rage na cika na sayi babban keke irin wanda na sayar, kuma a kansa nake ɗinki yanzu, ita tana barci a gadon katakon yayanta a gefena.